Lambar da ke jikin abin toshe kunne da batun tabarau a filin harbi

Ɗan Gandun Daji:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina cikin sababbin ma'aikatan da za a kai filin koyon harbi nan ba da jimawa ba, shi ya sa na shiga babbar kasuwar Maradi na sayi kayan kare kunne iri biyu. Na farko ɗan soso ne mai laushi da ake murzawa a cusa cikin kunne, an rubuta NRR 33 a jikin kwalinsa, na biyun kuwa marufi ne mai kofuna biyu da ake ɗorawa a kai, shi kuma an rubuta masa SNR 30. Wanda ya sayar mini ya ce idan na sa su tare na sami kariya 63 ke nan. Ina roƙon wanda ya san abin ya bayyana mini ma'anar waɗannan lambobi, kuma ya gaya mini ko tabarau na rana da nake da shi zai wadatar, domin an ce kowa ya zo da abin kare ido.

Mai Walda:
Wa alaikumus salam. A fahimtata lambar tana nufin kashi ne cikin ɗari, wato soson yana rage kashi 33 na ƙarar, marufin kuma kashi 30, saboda haka maganar mai shagon ba ta yi nisa da gaskiya ba. Game da ido kuwa, ina ba ka shawara ka nemi baƙin tabarau irin namu na walda, domin ban san abin da ya fi shi tsare ido ba.

Malam Mai Awon Ji:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Aikina awon jin mutane ne, kuma yawancin waɗanda ke zuwa wurina da kunne ya yi nauyi masu injin niƙa ne da tsofaffin masu ɗamara, don haka tambayarka ta zo inda ya dace. Malam Mai Walda, Allah ya saka da niyya, amma lambar ba kashi cikin ɗari ba ce. Desibel ce, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, kuma wannan ma'auni ba ya hawa ɗaya bayan ɗaya kamar mita ko kilo. Duk lokacin da aka ƙara desibel 3, ƙarfin ƙarar ya ninka biyu, idan aka ƙara 10 kuma ya ninka goma. Saboda haka abin da ya rage desibel 30 da gaske ya mayar da ƙarfin ƙarar kashi ɗaya cikin dubu, wanda ya wuce kashi 30 cikin ɗari nesa ba kusa ba.

Lambobin biyu da ka gani sun fito ne daga tsari biyu daban. NRR na Amurka ne, hukumar kare muhalli ta ƙasar ce ta wajabta rubuta shi a jikin kaya tun 1979, SNR kuma na Turai ne, shi ya sa kayan da ke shigo mana daga Faransa suke ɗauke da shi tare da alamar EN 352. Hanyar lissafinsu ba ɗaya ba ce, kuma abu guda idan aka auna shi da tsarin biyu, SNR ɗinsa yakan fi NRR ɗinsa da kamar desibel 3 ko fiye kaɗan. Ke nan marufinka mai SNR 30 yana ƙasa da soson mai NRR 33 da tazarar da ta fi wadda ido ya gani a kwali.

Maganar 63 kuwa babu ita. Ƙa'idar da hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ke bi ita ce a ɗauki babbar lambar a ƙara mata 5 kawai, wato a takarda kana da 38. Dalili shi ne ƙara ba ta ramin kunne kaɗai take shiga ba, tana bin ƙashin kai ta isa can ciki, kuma idan aka toshe ramin sosai, wannan hanyar ƙashi ce ke saura, ba abin da soso ko marufi zai yi mata.

Mai Walda:
Na gode, Malam, na karɓi gyaran desibel. Amma akwai wani lissafi da wani injiniya ya koya mana lokacin da muke aiki kusa da manyan injuna, cewa a cire 7 daga lambar sannan a raba saura biyu. Idan na yi wa soson yaron nan haka, 33 a cire 7 saura 26, rabinsa 13. To idan harbin bindiga ya kai 160 kamar yadda nake ji ana faɗa, saura 147 ke nan, kuma hakan na nufin soson bai yi masa amfanin komai ba. Ina kuskuren yake?

Malam Mai Awon Ji:
Lissafinka daidai ne, kuma injiniyan bai koya muku ƙarya ba, sai dai an gina shi ne domin ƙara mai ɗorewa irin ta masana'anta. Idan mai injin niƙa yana yini cikin ƙarar desibel 100, ka cire 13 ɗin nan ka sami 87, ka ga har yanzu ya ɗara 85 ɗin da aka ɗauka a matsayin iyaka ga aikin awa takwas, sai a ce masa ya gyara sawarsa ko ya ƙara marufi. Rabawa biyu ɗin nan an kawo ta ne domin an lura cewa lambar kwali a ɗakin gwaji aka same ta, inda ƙwararre ke kula da shigar soson a kunnen mutum yana zaune shiru, alhali ma'aikaci a bakin aiki yakan cusa shi da gaggawa rabinsa a waje.

Harbi wani abu ne daban, domin ƙara ce guda mai tsananin tsini wadda ke zuwa ta wuce cikin ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma ana auna ta ne da ƙololuwarta. Iyakar da Amurka da Tarayyar Turai suka sa ga irin wannan ƙololuwa ita ce desibel 140. Ƙaramar bindiga mai harsashin .22 tana kusan wannan iyaka, bindigar hannu mai harsashi milimita 9 da manyan bindigogin aiki kuwa suna kaiwa wajen 160, wasu ma su wuce. Tazarar 20 ɗin nan tsakanin 140 da 160 ninki ɗari ce ta ƙarfi, shi ya sa harsashi ɗaya tak a kunnen da ba a rufe ba zai iya barin lahani na har abada. NRR ba a auna shi da harbi ba, akwai wani gwaji na daban da ake yi wa ƙara mai tsini, amma ba kasafai ake rubuta sakamakonsa a kwalin kasuwa ba.

Abin da za ka iya riƙewa shi ne wannan. Soson da ya shiga ciki sosai ya cika ramin kunne yana iya rage ƙololuwar harbi da kusan 30, wato 160 ta sauko wajen 130, ƙasa da iyaka. Soson nan dai idan aka dangwala shi a bakin kunne, wataƙila 10 ko 15 kawai zai rage, a bar ka a 145 ko 150, sama da iyaka, kuma kai kana ganin ka kare kanka. Soso ɗaya ne, kwali ɗaya ne, lamba ɗaya ce, abin da ya bambanta su shi ne hannun da ya sa shi. Kamar ƙofar ƙarfe ce mai kauri a lokacin hunturu, idan aka bar mata kafa a ƙasa, kaurinta ba zai hana ƙura cika ɗaki ba.

Baba Ajidan:
Ina biye da ku tun ɗazu. A zamaninmu auduga muke tsinka mu cusa, wasu ma kwanson harsashi suke sawa a kunne, kuma babu wanda ya taɓa yi mana maganar lamba. Yau ga shi kunnena na hagu kullum yana ƙugi kamar ana hura iska a ciki, idan jikokina suna magana a tsakar gida ina jin muryarsu amma ba na rarrabe kalmomin, sai na juya musu kunnen dama. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, ni da dama nake harbi, gindin bindiga a kafaɗar dama yake zama, to me ya sa na hagun ne ya lalace?

Amma ina da ja a kan haɗa soso da marufi, kuma ina faɗar wannan ne a matsayin wanda ya tsaya a bayan layin masu harbi yana ba da umarni. Sabon yaro da ke riƙe da bindiga mai harsashi, idan ka toshe masa kunne sau biyu har bai ji an ce a dakata ba, haɗarin da ka jawo ya fi na kunne girma.

Malam Mai Awon Ji:
Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Abin da ka kwatanta shi ne ainihin abin da muke gani a takardar awo. Mai harbi da dama yana kwantar da kumatunsa a gindin bindiga, sai kansa ya karkata, kunnen dama ya ɓuya a bayan kai da kafaɗa, na hagu kuma ya fuskanci bakin bindiga. Lahanin yakan fara ne a siraran sautuka, wajen has 4,000 a ma'aunin kaifin sauti, kuma a can ne baƙaƙe irin su s da f da ts suke, shi ya sa kake jin murya amma kalma take kuɓuce maka. Ƙananan ƙwayoyin da ke karɓar sauti a can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Auduga kuwa ƴan desibel kaɗan take ragewa, domin iska na ratsa ta. Ina roƙonka ka zo a auna, domin na'urar ƙara ji tana taimaka wa masu irin wannan matsala ƙwarai.

Damuwarka a kan umarni gaskiya ce, ba zan raina ta ba. Maganinta mafi kyau shi ne marufi mai batir, wanda ke da makirfo a waje yana shigo da magana, amma ba ya barin abin da yake shigowa da shi ya wuce kamar desibel 82. Sai dai a sani cewa kariyarsa daga harbi ta kofunan ce ba ta batirin ba, kuma siraran nan da maharba suka fi so sukan tsaya wajen NRR 22 ko 23, saboda haka ana sa soso a ciki ne a ƙara muryar marufin. Inda babu shi, umarnin dakatarwa ya kamata ya haɗa da usur da alamar hannu da dafa kafaɗa, a kuma koya wa yara wannan tun kafin a raba harsashi.

Ƙanena, ga yadda za ka sa soson. Ka murza shi da yatsu masu tsabta har ya zama siriri ba tare da ya lanƙwashe ba, ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja saman kunnen sama da baya domin ramin ya miƙe, ka zura shi da sauri kafin ya kumbura, sannan ka dafe shi da yatsa kamar daƙiƙa 30. Idan ya zauna, wanda ya tsaya a gabanka da ƙyar zai hango shi, muryarka za ta yi maka kauri a cikin kai, kuma idan ka rufe kunnuwan da tafin hannu ka buɗe, ba za ka ji bambanci mai yawa ba. Idan ka ji bambanci babba, cire ka sake.

Hajiya Ma'aikaciyar Ido:
Sallama gare ku duka. Na ga an yi nisa a kan kunne an bar maganar baƙin tabarau ba a amsa ba, kuma ba na so yaron nan ya tafi da ita. Malam Mai Walda, tabaran walda an yi shi ne domin tsananin haske, duhunsa kuma zai hana mai harbi ganin abin da ke gabansa da wanda ke gefensa. Duhun gilashi ba ya nuna ƙarfinsa ko kaɗan. Tabaran rana na kasuwa kuwa, idan abu ya buge shi yana iya tarwatsewa, ya zama shi kansa ne ya yanki idon.

Mutane sukan ɗauka cewa tunda harsashi gaba yake tafiya, babu abin da zai dawo baya, alhali abubuwa da yawa suna dawowa. Kwanson da bindigar maƙwabcinka ta tofar yana fitowa da zafi, kuma a layin harbi fuskarka ce a hanyarsa. Akwai ɓurɓushin albarushi da bai ƙone ba, da iska mai zafi haɗe da mai da ke fesowa daga cikin bindiga, musamman wadda aka cika wa mai. Harsashin da ya bugi ƙarfe ko dutse yana farfashewa, gutsattsarinsa su dawo da gudu. Wani lokaci kuma kwanso yana tsagewa a cikin bindiga, iskar ta yo baya daidai inda idonka yake. Ɗan ƙarfen da bai kai ƙwayar gero ba, wanda a hannu ƙwarzane kawai zai yi, a ido yana iya hudawa ya shige ciki.

Ka duba hannun tabaran da gefen gilashinsa. Idan na Turai ne za ka ga EN 166 da harafin F, ma'ana an harbe shi da ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 6 a gudun mita 45 cikin daƙiƙa bai fashe ba. Idan harafin S kaɗai ka gani, bai kai wannan mataki ba. Na Amurka kuwa Z87+ ake rubutawa, kuma alamar tarawar nan ita ce shaidar gwajin bugu, Z87 zalla bai wadatar ba. Tabaran soja na Amurka ana gwada shi da gudun da ya kusan mita 200 cikin daƙiƙa, wanda ya ninka na farko fiye da huɗu, amma ko shi ba ya tare harsashi, gutsattsari yake tarewa. Ka zaɓi wanda ya zagayo gefen ido ya kuma matso kusa da gira, domin kwanso mai zafi yakan faɗo ta sama ya maƙale tsakanin gilashi da fatar ido, shi ya sa hula mai baki take da amfani.

Malam Mai Awon Ji:
Hajiya, sannu da ƙoƙari, kin kawo mu inda batutuwan biyu suka haɗu. Hannun tabarau yana wucewa ne ta ƙarƙashin katifar marufin kunne, kuma idan mai kauri ne yana ɗaga ta ya buɗe kafa, a yi asarar desibel da dama, alhali kowane 3 da aka rasa ninki biyu ne na ƙarfin da ke shiga. Haka rawani ko gefen hula ko gashi mai yawa suke yi, haka kuma gindin bindiga yake ture kofin dama sama a daidai lokacin da mutum ya kwantar da kumatu zai harba. Wannan ne babban dalilin da ya sa nake cewa soson ne tushe, marufin ƙari ne, domin soso ba ruwansa da tabarau ko gindin bindiga. A nemi tabarau mai siraran hannuwa shimfiɗaɗɗu, a kuma taɓa katifar marufin a ji, domin zafin garin nan da zufa suna busar da ita ta taurare ta tsattsage, kuma marufin da katifarsa ta taurare ya rabu da lambar kwalinsa.

Baba Ajidan:
Na gamsu da bayanin kunnen hagu, kuma in Allah ya so zan zo awon. Amma a kan haɗa biyu ga sabon shiga a fili buɗaɗɗe, har yanzu ina nan a kan bakana. A ƙarƙashin rumfar kwano ko tsakanin bango, inda ƙara ke dawowa, na yarda. A sarari kuwa, na fi son yaro ya sa soso ɗaya da kyau ya kuma ji muryata, domin marufi mai batir ba kowa ke da kuɗinsa ba.

Malam Mai Awon Ji:
Baba, idan na tabbata kowane yaro zai sa soson yadda ya kamata, da ban yi jayayya da kai sosai ba. Abin da nake tsoro shi ne sabon shiga shi ne wanda ya fi kowa rashin iya sawa, kuma a layi ba ƙarar bindigarsa kaɗai yake sha ba, har da ta na damansa da na hagunsa. Idan za a tsaya a kan soso kaɗai, to mai ba da umarni ya bi layi ya duba kunnen kowa da idonsa kafin harbin farko.

Mafarauci:
Gafara dai, malamai, ni ba na zuwa filin harbi, da bindigar gargajiya nake fita daji wajen Dakoro. Wani ɗan'uwana albarushi ya fesar masa a fuska lokacin da ya harba, idonsa ya yi ja yana zubar da hawaye, aka wanke masa da ruwa aka sa masa kwalli, yanzu kwana biyu ke nan yana cewa yana jin kamar tsakuwa a ciki kuma ba ya iya kallon rana. Hajiya, me za mu ɗiga masa?

Hajiya Ma'aikaciyar Ido:
Malam, kada ku ɗiga masa komai, kuma a daina sa kwalli ko wani maganin gida daga yanzu. Jin tsakuwa da gudun haske bayan kwana biyu alama ce cewa akwai abin da ya maƙale a baƙin idon ko ya yanke shi, kuma idan ƙarfe ne yana fara tsatsa a wurin cikin ɗan lokaci kaɗan. Kada ya murza, kada kowa ya yi ƙoƙarin cirewa da tsinke ko bakin ƙyalle ko harshe. Ku yanke gindin kofin roba mai tsabta ku kifa a kan idon yadda zai tsaya a kan ƙashin gira da na kumatu ba tare da ya danna ƙwayar idon ba, ku manne shi da filasta, ku kawo shi sashen ido a babban asibiti a nan Maradi yau ɗin nan, ko da dare ne. Ku gaya wa likita cewa daga harbin bindiga ne, domin hakan zai sa a nemi ƙarfe a cikin idon, kuma kada ya ci abinci a hanya ko da za a bukaci yi masa aiki. Idan ganinsa ya ragu ko ɗigon tsakiyar idon ya sauya siffa, ku faɗa tun a bakin ƙofa domin a gabatar da shi.